Ƙanena na so in sayar da filina a zuba a gidan kaji

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar makaranta ce a Kano, ina da fili ɗaya da na saya da kuɗin adashe. Ƙanena da ke bi na ya gama karatu ba aiki, yanzu ya kawo min takarda mai shafi goma sha biyu wai zai buɗe gidan kajin ƙwai, kaji 1,000 masu dab da fara ƙwai, 'yan sati 16. Ya rubuta kullum za a ɗebi kiret 33, kowane kiret naira 6,000, wato 198,000 a rana, a shekara sama da miliyan 72. Abinci ya sa buhu huɗu da rabi a rana, buhu 18,000. Ya ce in na sayar da filin, cikin wata shida kuɗina sun dawo. Umma ta ce in taimaka masa, ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya amma ban san inda zan kama in ce ga matsalar ba. Don Allah a ba ni shawara.

Wa alaikumussalam 'yar uwa.

Kar ki kira dillalin fili tukuna. Ba wai na ce kar ki taimaki ƙanenki ba, a'a, akwai aikin da za ku fara yi ne ke da shi, na zama ɗaya ko biyu da biro da kalkuletar waya, kuma wallahi aikin bai fi ƙarfinki ba ko da kuwa ba ki taɓa shiga ɗakin kaji ba.

Duk wani babban adadi da kika gani a ƙasan irin wannan takarda, ƙananan lambobi ne aka ninka su da juna ya fito. A nan guda huɗu ne, kaji nawa, kowace tana ƙwai nawa, kwana nawa, sannan a nawa za a sayar. Kowace daga cikinsu zato ce, ba abin da ya riga ya faru ba ne. To sai ki ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ki yi musu tambaya guda, wa ya faɗa masa haka, a gonar wa aka ga hakan? In amsar ita ce "haka ake cewa" ko "a bidiyo na gani", ki sa alama a wurin.

Fara da kiret ɗin. Kiret ƙwai 30 ne, kiret 33 kenan ƙwai 990 a rana daga kaji 1,000. Ma'ana ya ɗauka kusan kowace kaza za ta yi ƙwai kullum, ranar Juma'a da ranar Sallah da ranar da ba ta da lafiya, shekara guda cur, kaza ɗaya ƙwai kusan 360. Babu garken kajin da ke haka. Ko kamfanonin da ke fitar da irin kajin nan jajaye, irin su ISA Brown, abin da suke nunawa a takardunsu bai wuce ɗari uku da 'yan kai ba a shekarar farko ta ƙwai, shi ma a ɗaki mai iska da abinci mai kyau da ruwan da ba ya yankewa da mai kiwon da ya san aikinsa. Ita kaza sama da awa 24 take ɗauka kafin ƙwai ɗaya ya haɗu a cikinta, shi ya sa dole wata rana ta tsallake. Garken kaji yana da lokacin ganiyarsa, wajen sati 26 zuwa 30 da ƙyanƙyasa, a nan ne za ki ga kashi 90 cikin ɗari ko fiye suna yi a rana, daga nan sai ya riƙa sauka a hankali a hankali har tsufa. Shi ƙanenki ya ɗauki abin da ya fi ganiyar ma ya shimfiɗa a kan duk shekara.

Sannan a Kano fa za a yi kiwon. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40 da rana. Ki shiga ɗakin kaji da azahar a watan Afrilu ki gani, duk sun buɗe baki suna haki, sun saki fukafukai, sun taru a bakin mazubin ruwa sun bar abinci. Kazar da ta rage cin abinci ta rage ƙwai, wanda ma ta yi ɗin ya kan zo ƙarami, ɓawonsa ba ƙwari, kina ɗagawa a kiret ya tsage. Ki duba takardar tasa, in watan Afrilu da watan Disamba lambarsu ɗaya ce to wanda ya rubuta bai yi bazara da kaji ba. Ga wanda zai fara kiwo yau, ni da zan sa masa lamba, kashi 75 cikin ɗari zan sa a matsayin tsaka-tsakin shekara, in Allah Ya ba shi fiye da haka sai a yi godiya.

Su kansu kajin ba za su tsaya 1,000 ba. Ko ba annoba wasu za su mutu, na zafi, na tsatstsagar juna, na wahalar hanya ranar da aka kawo su. Ki ɗauka kamar 80 za su tafi cikin shekara, kaɗan-kaɗan, sai tsaka-tsakin ya zama kaji 960. Kashi 75 na 960 ƙwai 720 ne, kiret 24. Cire wanda ya fashe da wanda ya tsage, kamar uku a cikin ɗari, sai ki dawo kiret 23 da 'yan ƙwayoyi. Kin ga kiret goma sun tafi kullum tun ba mu taɓa farashi ba.

Ban ma sa annoba a lissafin ba. Murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya a 2006 a jihar Kaduna, ta sake dawowa a 2015 kuma Kano na cikin inda ta fi yin ɓarna, in ta shiga gona hukuma kashe kajin take yi gaba ɗaya. Wannan ba a sa shi a lambar kullum, amma ya kamata ya kasance a ranki, tunda fili ba ya mutuwa.

Sai kwanakin. Ya ninka da 365 kamar ranar da mota ta sauke kajin ranar za a fara ɗibar ƙwai. 'Yan sati 16 sai sun kai wajen sati 18 zuwa 20 kafin a ga ƙwan farko, ga gajiyar hanya da baƙuntar wuri, to ki sa wata guda ba komai sai ci. In sun fara ma ba tare suke farawa ba, yau ki tsinci ƙwai ashirin, jibi hamsin, sai an yi kamar sati shida kafin su kankama. Waɗannan sati shidan ki ɗauke su rabi. Idan kika cire wata guda da sati uku, kwanakin cikakken ƙwai a shekarar farko sun koma kamar 315. Kuma akwai wani abu da ake yi wa sababbin shiga, a sayar musu 'yan sati 13 ko 14 a ce 16 ne, sai mutum ya yi ta zuba abinci yana leƙen ƙwai shiru. Ki ce ya nemi takardar ranar ƙyanƙyasa da ta rigakafin da aka yi musu, ya tafi da likitan dabbobi a ɗora wasu a sikeli kafin a biya.

Kiret 23 sau kwana 315, kiret 7,245 kenan. Nasa lissafin ya ba shi 12,045.

Farashin nan na 6,000 shi ne na fi so ki tsaya a kansa. Ki tambaye shi a ina ya ji shi. Ina kyautata zaton a shagon unguwa ne, ko kuma abin da ku kuke saye a gida. Wannan farashin mai shago ne, kuma kafin ƙwai ya iso hannun mai shago ya bi ta hannun dila, kowannensu da ribarsa da kuɗin motarsa da asarar wanda ya fashe a hanya. Mai gona a bakin gona yake sayarwa, farashin sari. In yana son ya ci 6,000 ɗin to sai ya zama shi ne mai gona shi ne dila shi ne mai shago, ya yi ta yawo da kiret ashirin da wani abu kullum gida-gida, wannan kuma wata sana'a ce daban mai kuɗin man fetur da asararta, ba ta cikin takardar. Kar ki yarda da lambata ni ma, ku kira dila uku daban-daban ku tambaye su nawa suke ɗauka a gona a satin nan, da kuma nawa suka ɗauka lokacin da ƙwai ya fi faɗuwa a bara. Don mu ci gaba da lissafi bari in sa 5,000. Ko shi ba duka ƙwan ne zai samu ba, ƙwan fari na sababbin kaji ƙanana ne, dila ware su yake yi gefe ya yi musu kuɗi daban.

Kiret 7,245 a kan 5,000 ya ba mu miliyan 36 da 'yan kai. Rabin abin da ya rubuta.

Ki lura babu inda na kawo bala'i, ba gobara ba annoba ba sata. Kowace lamba ɗan gyara kawai aka yi mata, kaji suka ragu kaɗan, ƙwai ya ragu da kwata, kwanaki suka ragu da hamsin, farashi ya sauka da dubu ɗaya. Da yake ninka su ake yi da juna, ƙananan ragin nan suka haɗu suka cinye rabi. Shi ya sa kika karanta shafi goma sha biyu ba ki ga inda za ki kama ba, don kowace lamba ita kaɗai ba ta yi kama da ƙarya.

To amma abin da ya fi damuna ba rabin ba ne. Kaza ko ta yi ƙwai ko ba ta yi ba sai ta ci. Lambarsa ta abinci na yarda da ita, kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, kaji dubu kenan suna tashi da buhu huɗu da rabi na kilo 25 ko sama kaɗan. A farashin da ya sa, 81,000 ne kullum, a shekara miliyan 29 da rabi. A takardarsa in ya cire wannan daga miliyan 72 saura sama da miliyan 42, dole ya ga kuɗinki na dawowa a wata shida. A namu lissafin in kin cire daga 36, saura bai kai miliyan 7 ba, kuma daga cikinsa za a biya yaran gona, magani da rigakafi, ruwa, dizal ko sola tunda kajin ƙwai suna son haske kamar awa 16 a rana, kiret ɗin kwali, da hayar wuri in ba nasa ba ne. Ciniki ya ragu da rabi amma abin da ke saura a hannu ya ragu ninki shida.

Yi wannan lissafin na rana ɗaya a gabansa, ya fi saurin shiga kai. Kiret 23 a 5,000 naira 115,000, a cire abinci saura 34,000. Yanzu kawo Afrilu, ƙwai ya sauka kashi 60 cikin ɗari, kiret 19, naira 95,000, saura 14,000. In a satin kuma kasuwa ta cika dila ya ce ba zai wuce 4,300 ba, kin samu 81,700, kuɗin abincin ranar kawai. Daga nan ki tambaye shi, kiret nawa ne dole a sayar kullum kafin a fitar da kuɗin abinci kaɗai? A 5,000 sama da kiret 16 ne. Duk mai shirin gona ya kamata wannan lambar ta kasance a bakinsa ko daga barci aka tashe shi. Kuma farashin buhun ma ba a tsaye yake ba, masara da waken suya yake bi, sukan yi sauƙi da kaka su tashi in damina ta kama, shi kuwa ƙwai ba ya tashi rana ɗaya da su.

Akwai zaton da bai rubuta ba sam, kuma shi ne ya fi kayar da mutane, wai duk ƙwan da aka ɗiba yau za a sayar da shi yau a karɓi kuɗi yau. Ki ce ya rubuta miki sunayen masu saye. Ba "masu shayi da gidajen biredi da otal-otal" ba, a'a, wane mai shayi, a wace kwana, kiret nawa yake ɗauka a sati, yanzu a wajen wa yake saye, me zai sa ya bar wancan ya dawo wajenka? Mai shayi ɗaya mai ciniki bai fi ya ɗauki kiret biyu uku a rana ba, kuma yawancinsu sai sun sayar suke biya. Makarantun kwana suna saye da yawa amma suna tafiya hutu, kaji kuma ba sa hutu. Sabon mai gona shi ake fi ci da bashi don yana neman kwastoma, ƙwai kuma a zafinmu in ya yi sati biyu a ajiye ya fara lalacewa, dila ya san haka sarai, sai ya ja ƙafa har ka kira shi da kanka. A farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi wuya, masu gonaki sun tara ƙwai ba mai saye, ƙungiyarsu ta ƙasa ta yi ta kuka a kafafen labarai, wasu sun karyar wasu ya ruɓe musu. Kajin a lokacin ƙwai suke yi lafiya lau, kuɗin ne bai shigo ba, mai abinci kuma ba ya jira. Hausawa dai sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Don haka a takardar a raba layi biyu, abin da aka sayar da abin da aka karɓa, kuma a ware kuɗin abincin aƙalla wata biyu a ajiye tun kafin kaji su iso. Watan farko kaɗai kusan miliyan biyu za su ci ba ƙwai ko ɗaya. In wannan kuɗin ba ya cikin jarin da ya nema, ina tabbatar miki a sati na uku wayarki zai kira.

Don kar a zalunce shi, akwai kuɗin da za su shigo da ƙila ma bai sa ba. Kashin kaji ana sayar wa manoma da masu lambu a buhu, sannan in kajin sun tsufa ana sayar da su na nama, in an dace da Sallah ko Kirsimeti suna kuɗi. Sai dai kuɗin tsofaffin ba a shekarar farko zai zo ba, kuma kusan duk da shi za a sayo sabon zubi, kar a lissafa shi a riba.

Yanzu yadda za ki tunkare shi. Kar ki kai masa wannan lissafin a gaban Umma ki ce ga kurakuranka, zai ji kin tozarta shi, Umma kuma abin da za ta ji kawai shi ne kin ƙi ɗan uwanki. Yaron da ya zauna ya rubuta shafi goma sha biyu yana da zuciyar nema, ki fara faɗa masa haka don gaskiya ne. Sai ki ce, "Ƙanena, filin nan shi kaɗai gare ni, taimaka min in fahimci lambobin nan guda huɗu." Ki ba shi biron shi ya riƙa dannawa da kansa. Ku yi lissafin kala uku, in komai ya tafi daidai, in ya tafi tsaka-tsaki, in shekara ta yi tsanani, kuma wata-wata za a jera shi ba dunƙulen shekara ba, don a ga watan da aljihu zai bushe. Shawararki a kan na ukun za ki gina ta, in ya faru za ki iya ɗauka ko ba za ki iya ba.

Ki ba shi aikin sati biyu. Ya je gonaki biyu ko uku da suka shekara biyu suna yi, ya roƙi a nuna masa littafin da ake rubuta ƙwan kullum, duk gonar kirki tana da shi, yawanci wani littafin makaranta ne da ya sha ƙura a rataye a bakin ɗaki, kwanan wata, kiret nawa, fasasshe nawa, kaza nawa ta mutu, buhu nawa aka buɗe. Ya buɗe shafin Afrilu ya buɗe na Disamba ya ɗauki hoto. Ya zo da farashin dila uku da sunan mutum biyar da suka ce za su saya. Yadda zai karɓi wannan aikin ma amsa ce a wajenki. In ya tafi ya dawo ya gyara takardarsa da kansa, ko da ribar ta koma 'yar kaɗan, to wannan mutum ne da za a iya ba wa kuɗi. In kuwa ya fusata ya ce ba ki yarda da Allah ba ne ko kina masa baƙin ciki, ki yi haƙuri da maganar amma kar ki sa hannu a takardar fili, don wanda bai iya jure tambayar yayarsa ba, ranar da kaji suka fara mutuwa ɓoye miki zai yi.

Ni a ganina ko lissafin ya gyaru kar a fara da 1,000, kuma kar a fara da kuɗin fili. Ya fara da 200, da abin da za ki iya fitarwa daga adashe ko albashi wanda in ya tafi ba zai hana ki barci ba, ya ɗauke su ya ratsa bazara ɗaya da su yana rubuta komai. Kaji 200 ba za su ba shi wata riba mai yawa ba, amma bayan wata takwas zai zo miki da lambobin gonarsa, kashi nawa suka yi, nawa suka mutu, wa ya biya wa ya gudu da bashi. A kan waɗannan ake maganar ƙari.

Duk abin da kika ba shi a rubuta, bashi ne ko hannun jari. In bashi ne yaushe za a biya, in jari ne kashi nawa ne naki a riba kuma asara ya za a yi da ita. Ki sa Umma da wani kawunku su zama shaidu, in an ce ai 'yan uwa ba sa haka ki tuna musu ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ita kuma Umma ki same ta ke kaɗai tun kafin ku zauna da shi, ki ce mata kin amince za ki taimaka, kaji 200 za a fara da su, filin kuma yana nan sai an ga yadda bazara ta yi da su.